Yadda na daidaita shafin littafi a manhajar karatu

Ina karanta littattafai masu tsawo a waya da kuma kwamfutar hannu mai faɗin fuska, kuma abin da ya fi rage mini gajiyar ido shi ne bin tsari wajen gyaran shafi: haske da launi da farko, sai girman harafi, sannan faɗin gefe a ƙarshe. Dalili kuwa shi ne kowane gyara yana taɓa na bayansa, domin da zarar an ƙara girman harafi, yawan haruffan da layi ke ɗauka ya ragu, kuma gefen da aka riga aka saita ya tashi daga aiki.

A wajen launi, farar takarda ce ma'aunina. Ina ajiye ta kusa da fuskar na'urar a cikin ɗakin da nake karatu, in rage haske har sai shafin ya daina fin takardar ƙyalli. Bayan haka nake zaɓar launin da manhajoji irin su Kindle ke kira Sepia, wato ruwan ƙasa mai haske, wanda yake rage kaifin fari ba tare da rubutun ya dusashe ba. Baƙin shafi mai farin rubutu ina barinsa ga ɗaki mai duhu kawai, saboda a kan baƙi ƙwayar ido tana ƙara buɗewa, sai fararen haruffa su riƙa yin kamar suna zubar da haske a gefunansu, musamman ga mai matsalar ido da ke sa abubuwa su yi dishi-dishi.

Salon harafi kuwa yana da wani gwaji da ya shafe mu masu karanta Hausa. Ba kowane salo ne yake ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ ba, kuma idan babu su, manhajar takan aro su daga wani salon dabam. Ana gane haka idan aka dubi kalma kamar "ɗaɗɗaya" ko "ƙuƙumi" aka ga masu lanƙwasar sun fi sauran siranta, ko sun ɗan yi sama ko ƙasa da layi. A shafi guda ba abin damuwa ba ne, amma a babi mai tsawo ido yana tuntuɓe a kansu ba ƙaƙƙautawa. Charis SIL da Noto Serif duk suna da waɗannan haruffa, kuma manhaja irin Moon+ Reader tana barin mutum ya shigar da salon da yake so.

Inda na fi daɗewa shi ne tsawon layi. Masana tsara shafi sun daɗe suna cewa layin da ya fi daɗin karatu yana tsakanin haruffa 45 zuwa 75, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Da na kwantar da kwamfutar hannun a faɗinta na ƙirga cikakken layi guda, sai na tarar ya haura haruffa 100, kuma alamar matsalar a fili take: idan na kai ƙarshen layi na dawo hagu, sai in sake karanta wanda na gama ko in tsallake na gaba. Ban ƙara girman harafi ba, tunda ina ganinsa sarai a nisan da nake riƙe na'urar. Na shiga maɓallin Aa, inda ake saita rubutu, na faɗaɗa gefe har layin ya dawo wajen haruffa 65, na kuma buɗa tazarar layuka zuwa kusan ninki ɗaya da rabi na girman harafin. Raba shafin gida biyu ma yana yin wannan aikin, idan manhajar tana da zaɓin.

A waya lamarin juyewa yake yi, domin layi da ƙyar yake kai haruffa 40. Can nake matse gefe, in bar ɗan wurin da yatsa zai zauna ba tare da ya rufe rubutu ba. Ina kuma kashe daidaita layuka ta ɓangarori biyu in bar rubutun ya jingina da hagu, saboda a gajeren layi manhajar tana cike gibi ne ta hanyar buɗa tsakanin kalmomi, sai fararen ramuka su bayyana a tsakiyar shafi.

Duk wannan yana yiwuwa ne a fayil irin EPUB, wanda rubutunsa ke sake jeruwa. Shafin PDF a kafe yake, galibi abin da ake yi masa shi ne yanke farin gefe ko zuƙo shi. Idan kuma EPUB ne amma salon harafi ya ƙi canjawa, galibi tsarin mawallafi ne a kunne, sai an kashe shi a cikin saituna kafin zaɓin mai karatu ya yi aiki.