Cizon farce da kaɗa ƙafa: abin da na koya a cikin aji

Na shafe shekaru ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare kafin in gane cewa ban san ainihin abin da nake tsawatar wa ɗalibai a kansa kullum ba. Idan na ga yaro yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin benci, ko yana cizon farce, ko yarinya tana murza jelar kitsonta ta cikin hijabi, sai in ɗauka rashin natsuwa ne, wani lokaci ma in ɗauka raini ne, domin haka aka tarbiyyantar da mu, cewa yaro mai ladabi ba ya motse-motse a gaban babba. Abin da ya sauya mini tunani shi ne wani ɗalibi ɗan shekara 16 da na koyar a daidai lokacin da na koma karatun ilimin halayyar ɗan Adam na masu koyarwa.

Yaron yana da ƙoƙari sosai, amma ya cinye faratansa har zuwa nama, kuma gefen farcen manuniyarsa ta dama ya kumbura ya tara mugunya. Na sha ce masa ya cire hannunsa daga baki, ya cire, bayan minti biyar in waiwayo in tarar hannun ya koma. A wajen karatu aka koya mana wata ƙa'ida mai sauƙi, wato kafin ka yi yunƙurin sauya wata ɗabi'a, ka fara rubuta lokacin da take faruwa da abin da ya gabace ta. Saboda haka na daina yi masa magana tsawon mako biyu, na ajiye ƙaramar takarda a cikin littafin darasi, duk sanda na ga hannunsa ya tafi baki sai in rubuta abin da ajin ke ciki a lokacin.

Da na duba takardar, sai na tarar kusan duk abin da na rubuta ya faɗa cikin yanayi biyu. Na farko shi ne idan ya gama aikin aji kafin sauran ɗalibai, yana zaune yana jira babu abin yi. Na biyu kuwa idan wata tambaya ta cije masa, musamman irin wadda ake ba da labari a ce ka fitar da lissafin daga ciki, ya san yana dab da amsa amma ta ƙi fitowa. Ban taɓa ganin ya ciji farce yana gaban allo yana warware tambaya ba, ko yana gardama da abokansa a aikin rukuni. Wannan ya ba ni mamaki, domin tsayuwa gaban allo ita ce wurin da ɗalibi ya fi jin fargaba, kuma da tsoro ne kaɗai ke jawo cizon farce, kamar yadda yawancinmu muke zato, da a nan ya kamata in fi ganinsa.

Daga baya na tarar masu bincike sun riga ni ganin haka. A wani gwaji da aka wallafa a 2007 a Birtaniya, an sa ɗaliban jami'a 40 masu cizon farce cikin yanayi daban-daban, aka ga sun fi yi idan an bar su su kaɗai ko an ba su tambayoyin lissafi, kuma sun fi ragewa idan ana hira da su ko ana tsawatar musu. A 2015 kuma wasu masana a Montreal ta ƙasar Kanada, cikinsu har da Kieron O'Connor, suka gwada mutum 48, rabinsu masu cizon farce ko tsigar gashi ko ƙwaƙular fata. An nuna musu bidiyon igiyar ruwa a bakin teku don su sami natsuwa, an ba su wani aiki da aka ce musu mai sauƙi ne alhali yana da wuya, an kuma bar kowannensu shi kaɗai a ɗaki na minti 6. Masu ɗabi'ar sun fi komawa gare ta a lokacin gundura da lokacin takaici fiye da lokacin natsuwa.

Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne cewa ƙwaƙwalwa tana da wani mizani na farkawa da take son zama a kai. Idan ya yi ƙasa mutum ya fara gyangyaɗi ko tunaninsa ya tafi yawo, idan ya yi sama kuma ya rikice ya kasa tattara hankalinsa. Ana danganta tushen wannan ra'ayi da gwajin da Yerkes da Dodson suka yi da ɓeraye a 1908, ko da yake masanan da suka biyo baya ne suka faɗaɗa shi zuwa ga mutane. Ƙaramin motsi mai maimaituwa yana iya aiki ta fuska biyu: ga wanda ya gundura yana ba jiki ɗan abin ji da zai hana shi lumshewa, ga wanda abu ya cije masa kuma yana zama mafitar ƙarfin da ya taru bai sami wurin zuwa ba. Ba banza ba kuma abin ya fi faruwa tsakanin yatsu da leɓe, domin suna cikin sassan jiki da suka fi yawan jijiyoyin ji. Dattijon da ke shafa gemunsa yana nazarin wata magana, da ma'aikacin da ke tauna murfin biro, da ɗalibin nan nawa, duk abu ɗaya suke yi, sai dai nasa yana barin rauni.

Daga nan kuma sabo yake karɓar ragama. Duk lokacin da motsin ya kawo ɗan sauƙi, ƙwaƙwalwa tana ƙulla shi da yanayin da ya faru a ciki, har a kai matsayin da hannu zai tafi baki ba tare da mai shi ya sani ba. A nan na fahimci dalilin da ya sa tsawata ba ta yi aiki ba. Tana dakatar da abin muddin ina kallo, amma ba ta taɓa gundurar ko takaicin da ke tayar da shi, kuma ba ta koya wa yaron ya ga hannunsa tun yana kan hanya.

Hanyar da na bi da shi ita ce wadda Nathan Azrin da Gregory Nunn suka tsara a 1973, ta juya sabo da kishiyarsa. Na kira shi bayan an tashi, na nuna masa takardar, na tambaye shi ko ya san lokutan da yake yi. Ya ce, "Wallahi Malam, sai na ji zafi nake sanin ina yi." Mataki na farko shi ne ya san mafarin abin, don haka na ce ya kwatanta mini a hankali yadda yake farawa. Sai muka gano cewa kafin hannu ya kai baki, yakan fara shafa gefen farata da babban yatsa yana neman wurin da ke da kaushi, idan ya samu sai ya dafa gwiwar hannu a kan benci ya sunkuyo. Wannan shafawar ita ce alamar da za mu riƙe, domin tsayar da abu a mafarinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu shi ne motsin da ba zai yiwu a haɗa shi da cizon ba, wanda kuma ba zai jawo masa idon mutane ba. Muka tsayar da cewa da zarar ya ji yatsansa yana shafa farce, ko ya tsinci hannunsa a baki, zai dunƙule hannun a hankali da babban yatsa a ciki, ko ya riƙe gefen benci, ya tsaya haka na minti ɗaya ko har sha'awar ta lafa. Mataki na uku shi ne mai tallafawa. Maimakon in kira sunansa a gaban aji, mun yi alƙawari cewa idan na ga ya fara zan ƙwanƙwasa alli sau ɗaya a kan teburina in ci gaba da darasi, idan kuma na ga ya dunƙule hannu da kansa zan yaba masa bayan an tashi. Na ƙara da abubuwa biyu da takardar ta nuna mini: ya riƙa yanke farata yana goge kaushinsu duk mako don yatsa ya rasa abin nema, ni kuma na riƙa ajiye masa tambaya ɗaya mai wuya da zai kama idan ya gama aikin aji. Yatsan da ya kumbura kuwa asibiti aka kai shi aka duba, domin wannan ba aikin malami ba ne.

Kaɗa ƙafa dai na daina hanawa, sai idan benci yana girgiza maƙwabci. Wani bincike da aka yi a jami'ar Central Florida, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa yara maza masu larurar ƙarancin mai da hankali da yawan motsi sun fi ƙoƙari a aikin riƙe bayanai a ka idan suna motsi, amma ba a ga wannan amfani ga yaran da ba su da larurar ba. Saboda haka ban ce motsi yana ƙara wa kowa basira ba, abin da na ɗauka shi ne cewa tilasta wa wasu yara su sandare yana cinye hankalin da ya kamata su sa a darasi.

Akwai kuma iyakar da ya wajaba malami ya sani. Murza gashi daban, tsige shi har a ga fili a ka ko a gira daban, wannan larura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, kuma 'yan mata kan ɓoye ta ƙarƙashin ɗankwali shekara da shekaru saboda kunya. Haka nan ƙafar da ke damun mutum da yamma ko da dare idan ya kwanta, ya ji kamar wani abu na tafiya a cikinta sai ya tashi ya taka sannan ya sami sauƙi, ba sabo ba ne, kuma sau da yawa tana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Wanda kuma ya kasa zama wuri ɗaya bayan ya fara shan wasu magungunan taɓin hankali ko na hana amai, likitan da ya rubuta maganin ya kamata ya koma wa. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne ko abin yana barin rauni, ko mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa ya kasa, ko ya fara ɓuya saboda shi.

Farcen hannu yana tsiro da kimanin milimita 3 a wata, don haka sai da muka yi kusan wata biyu kafin a ga farin baki a faratan yaron. Da jarrabawar ƙarshen zango ta matso, ya koma cizon yatsu biyu, ya zo ya same ni ransa a ɓace yana ganin duk aikin ya rushe. Na tambaye shi a ina yake yi, ya ce da dare ne, idan yana karatu shi kaɗai a ɗaki, wurin da ba mu taɓa sa shi cikin lissafinmu ba. Muka ɗauko sabuwar takarda, wannan karon shi ne mai rubutawa, muka kuma yanke cewa zai riƙa karatun dare da biro a hannun dama yana warware tambayoyi a rubuce, hannun hagu kuma yana dafe da littafi.