Kafin na rubuta wa yaro ibufurofen, sai na tambayi fitsarinsa

A ɗakin duba yara, idan uwa ta kawo ɗa da zazzaɓi ko ciwon kunne kuma na ga ibufurofen zai yi masa amfani, abu biyu nake fara yi. Na ɗora shi kan sikeli, sannan na tambayi uwar yaushe rabonsa da fitsari. Sikelin ne ke gaya mini nawa zan ba shi, amsar uwar kuma ita ke gaya mini ko zan ba shi ma gaba ɗaya.

Awon maganin yana bin nauyin yaro ne. Shekaru ba abin dogaro ba ne a wajenmu, domin 'yan shekara biyu sukan bambanta da kilo uku ko huɗu, musamman inda tamowa ta taɓa ɗaya. Ƙa'idar ita ce miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo a sha ɗaya, a bar awa 6 zuwa 8 tsakanin sha da sha, kuma jimillar yini da dare kada ta wuce miligiram 30 ga kowane kilo. Jaririn da bai kai wata uku ba, ko wanda bai kai kilo 5 ba, ba a ba shi. Zazzaɓi a wannan shekarun ma ba na jinyar gida ba ne, asibiti ake kai shi a ranar.

Ibufurofen na ruwan da aka fi samu a kemis an rubuta masa 100mg/5ml a jikin kwalba, wato kowane mil ɗaya yana ɗauke da miligiram 20. Mu ɗauki yaro ɗan shekara biyu mai kilo 12 da ciwon kunne ya hana shi barci, yana ci, yana sha, yana fitsari yadda ya saba. Mafi ƙarancin awonsa miligiram 60 ne, wato mil 3, mafi yawa kuma miligiram 120, wato mil 6. Ni nakan tsaya a mil 5, sau uku a rana. Jimilla ta zama miligiram 300, iyakarsa kuwa 360 ce, don haka akwai ɗan sarari. Hanyar da nake koya wa iyaye mai sauƙi ce: a raba nauyin yaro biyu, abin da ya fito shi ne mil ɗin da ba za a wuce ba a sha ɗaya, kuma sau uku kacal a rana. Wannan lissafi na kwalba mai 100mg/5ml ne kaɗai. Akwai mai 200mg/5ml, wadda ta ninka ta ƙarfi, kuma wanda ya ba da mil 5 daga cikinta ya ba yaron awo biyu a lokaci guda. Shi ya sa nake cewa a nuna mini kwalbar da ke gida.

Cokalin shayi ba ma'auni ba ne, wani ya ɗebi mil 3, wani ya haura 6. Sirinji marar allura nake bayarwa, na ja layi da biro a kan mil 5, na nuna wa uwar ta girgiza kwalbar tukuna, ta tura maganin a hankali ta gefen kumatu, bayan yaron ya ɗan sha nono ko kunu.

Yanzu a ce wannan yaron ya dawo cikin bazara, jiki zafi rau, kwana biyu yana gudawa da amai. Kakarsa ta ce haƙori ne, an ci gaba da ba shi ragowar ibufurofen ɗin nan saboda an ga ya yi aiki wancan karon. Nakan ce da uwar: "Maman yaro, tun safe ya jiƙa wando?" Idan ta yi shiru tana tunani, ta ce rabonsa da fitsari tun daren jiya, to an daina maganin daga wannan lokacin. Sai na duba sauran alamun: idanu sun faɗa, baki da harshe sun bushe, yana kuka ba hawaye, maɗiga ta lotsa idan jariri ne. Na kama fatar cikinsa da yatsu biyu na ɗaga na saki. Ta mai lafiya takan koma nan take, ta wanda ruwan jikinsa ya ƙare kuwa sai ta tsaya a tattare na ɗan lokaci kafin ta kwanta.

Dalilin hanin yana cikin ƙoda. Idan ruwan jiki ya ragu, jinin da ke isa ƙoda yakan ragu, sai ita ƙodar ta fitar da wani sinadari mai suna furostagilandin wanda ke buɗe jijiyoyin da ke kawo mata jini, don ta ci gaba da tace shi. Ibufurofen kuwa aikinsa ke nan, hana jiki yin wannan sinadari, ta haka ne yake sauke zazzaɓi da raɗaɗi. Yaron da jikinsa ke cike da ruwa ba ya dogara da wannan kariyar sosai, shi ya sa maganin bai cika damun ƙodarsa ba. Wanda gudawa ta tsotse kuwa da wannan kariyar yake rayuwa, idan aka cire ta sai ƙodar ta iya tsayawa cikin 'yan kwanaki, ko da awon daidai aka ba shi. Abin da ake gani shi ne fitsari ya ƙara raguwa ko ya ɗauke, fuska da ƙafa su kumbura bayan an ba shi ruwa, yaron ya yi laushi yana yawan barci. Da yawa sukan warware idan an tsayar da maganin an mayar da ruwan jiki da wuri, wasu sai an kai ga wankin ƙoda. Haɗarin yakan ƙaru idan ana yi masa allurar jentamaisin ta kashe ƙwayoyin cuta a lokaci guda, domin ita ma tana taɓa ƙoda.

Wannan yaron farasitamol zan ba shi, miligiram 15 ga kowane kilo. Kilo 12 ya ba da miligiram 180, wato mil 7.5 daga kwalba mai 120mg/5ml, duk awa 6, kada a wuce sau huɗu a rana. Amma babban aikin shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, a haɗa da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, idan ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. A ƙara da zinki, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, kuma kada a dakatar da nono. Idan ba ya iya sha, ko ya galabaita, ƙarin ruwa yake buƙata ta jijiya. Gwajin maleriya kuma ba a tsallake shi, domin saukar zazzaɓi bayan shan magani ba ta nufin an magance abin da ya kawo shi.

Akwai sauran wuraren da nake kauce wa ibufurofen. Yaro mai ƙarambau ba a ba shi, saboda an danganta shi da mummunan ciwon fata da nama a wajen ƙurajen. Haka mai gyambon ciki, mai baƙin kashi ko aman jini, mai ciwon ƙoda, da wanda asmarsa ta taɓa tashi bayan shan irinsa. Zazzaɓin da ya zo da zubar jini daga hanci ko dasashi, ko fitsari baƙi, shi ma ba wurin ibufurofen ba ne, domin yana rage daskarewar jini, kuma irin wannan yaron asibiti yake buƙata nan take. Mai sikila sai da shawarar likitansa. Ba a haɗa shi da diklofenak ko asfirin, dangi ɗaya ne, illarsu ce ke taruwa.

Iyaye da yawa suna ba da shi akai-akai don tsoron jijjiga, alhali ba ya hana jijjigar zazzaɓi. Idan yaro yana wasa yana shan ruwa, zafin jiki kaɗai bai isa dalilin ba shi magani ba. Idan kuma zazzaɓin ya kai kwana uku ana bayarwa bai sauka ba, ko kwana ɗaya ga jaririn da bai kai wata shida ba, a dawo da shi a sake dubawa, tare da kwalbar.