Atamfar da na tura ta tasha

Na yi shekara uku ina sayar da atamfa ta intanet daga Kantin Kwari kafin cajbak ya same ni, wato mai kati ya kai ƙara bankinsa a janye kuɗin da ya riga ya biya ka. Wata Hajiya ce a Abuja ta sayi turmi shida, naira 186,000, da katin Visa. Na ɗaure kaya na ba direba a tasha kamar yadda muka saba. Sai bayan wata biyu kamfanin da ke karɓar mini kuɗi ya aiko saƙo: an riƙe kuɗin, ta ce kaya bai iso ba.

Raina ya ɓaci, na tattara duk abin da hannuna ya kai na tura: rasit, hoton ƙunshin, da shaidar cewa ta saka lambar OTP lokacin biya. Na sha kaye.

Daga baya na gane abin da ya kayar da ni. Kowace ƙara tana zuwa da lambar dalili, tawa kuwa 13.1 ce, ma'ana kaya bai iso ba. Shaidar OTP tana amfani ne idan an ce "ba ni na biya ba", wanda a tsarin Visa 10.4 ne. Hajiya ba ta musa biya ba. An tambaye ni hanyar Abuja, ni kuwa ina ta kwatancen Zariya. Abin da ake nema shi ne takardar da ke nuna ranar da aka miƙa kaya, a adireshin da ta rubuta, da sa hannun wanda ya karɓa. Direba kuwa wani yaro da ta aiko ya miƙa wa, babu rubutu. Ta ma kira ni ta yi godiya a lokacin, amma ma'aikacin bankin da bai san ni ba, bai san ta ba, da me zai ga kiran waya?

Yanzu duk wanda ya biya da kati, kamfanin aike mai lambar bibiya ne zai kai masa, ko da kuɗin aiken ya ninka. In ya nace sai tasha, sai ya rubuto mini sunan mai karɓa ta WhatsApp, in kaya ya isa kuma ya sake rubutowa. Da irin wannan na ci ƙara ta biyu, da takardu uku kacal.

Sai batun lokaci, wanda har yau yana ci mini rai. Mai kati yana da kusan kwana 120 ya kai ƙara, ni kuwa 'yan kwanaki ake ba ni, in na yi shiru an ɗauka na amince. Shi ya sa takardar aike ba ta barin aljihun teburina sai ta yi wata shida.