Ciwo uku, tushe ɗaya

Shekara ɗaya da rabi na yi ina riƙe da aikin mutum biyu a sashen lissafin kuɗi, bayan abokin aikina ya ajiye aiki ba a kawo madadinsa ba. A wannan tsakanin na ɗauka cututtuka uku ne suka taru mini: rashin barci, olsa, da saurin fushi. Kowanne na nema masa maganinsa daban, ban ga sauƙi ba.

Barcin ne ya fara lalacewa. Ina kwanciya zai ɗauke ni, don na gaji liƙis, amma ƙarfe uku na dare idona zai buɗe tar, zuciya na bugawa, kaina na bitar alƙaluman da ban kammala ba. Likitar da na gani daga baya ce ta warware mini zaren. Jiki yana da sinadari mai suna kotisol, mai sa shi ya kasance a farke cikin shiri, wanda ke sauka ƙasa sosai wajen tsakar dare, ya fara hawa kafin gari ya waye, ya kai ƙololuwa kamar rabin awa bayan an farka. Barcin ƙarshen dare dama ba shi da nauyi. Wanda ya yi watanni cikin fargabar aiki, jikinsa na nan a ɗame kamar mai gadi, ƙaramin motsi ya ishe shi farkawa, da ya farka kuma tunani ya karɓe.

Ni kuma sai na ƙara wa wutar fetur. Don in iya kai yamma, nakan sha kofi da ƙarfe huɗu. Rabin sinadarin hana barcin da ke cikin kofi, wato kafeyin, sai ya yi kusan awa 5 kafin ya bar jini. Ke nan ƙarfe tara rabinsa na jikina, ƙarfe biyun dare kuma akwai sauran kashi ɗaya cikin huɗu. Na yi barcin da bai ƙosar ba, na tashi a gajiye, na sake neman kofi.

Batun ciki ya fi ba ni kunya, domin da kaina na yanke wa kaina hukuncin olsa. Gwaji ya nuna ba ni da ƙwayar H. pylori, wadda ita da magungunan kashe zafi irin su ibuprofen ne ke haddasa mafi yawan gyambon ciki. Abin da ke faruwa shi ne, jikin da ke cikin shirin ko-ta-kwana yana rage kula da narkar da abinci: ciki ya jinkirta sauke abin da ke cikinsa, hanji ya rikice, yau gudawa gobe taurin bayan gida, ɗan kumburin da da ba za ka ji ba ya zama ciwo. Ga shi ina tsallake abincin rana, in cika tumbi ƙarfe goma in kwanta, ƙwannafi ya biyo ni har maƙogwaro. Ibuprofen ɗin da nake haɗiya don ciwon kai kuwa, saura ƙiris ya jawo mini olsar gaske.

Fushin bai buƙatar dogon bayani. Ranar da na daka wa ɗana tsawa don ya zubar da ruwa a kan takarduna, ya tsaya yana kallona bai ko yi kuka ba, ranar na nemi ganin likita.

Abin da ta ɗora ni a kai bai yi kama da magani ba. Lokacin tashi ɗaya kullum, ko da daren ya yi muni, har ranar hutu. Babu kofi bayan ƙarfe goma sha biyun rana. Abincin dare awa 3 kafin kwanciya, da tattaki na minti 20 bayan tashi daga aiki. Wanda na raina, ya kuma fi yi mini aiki, shi ne takarda: kafin in bar ofis in rubuta ayyukan gobe da matakin farko na kowanne, don kada kai ya ɗauki gadinsu cikin dare. In na farka na kai kamar minti 20 barci bai dawo ba, in bar gadon, in zauna cikin haske kaɗan ba tare da waya ba, sai gyangyaɗi ya zo.

Makon farko ya fi na baya wuya, ciwon kan rashin kofi ya sa na kusa watsar da komai. Ƙwannafi ya lafa a mako na biyu, barci sai wajen na biyar. Ta kuma ja mini kunne: baƙin bayan gida, aman jini, rama ba dalili, ko baƙin cikin da ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, waɗannan ba na tattaki ba ne, asibiti ake zuwa da su.

Duk da haka ƙarfe uku bai sake ni gaba ɗaya ba sai da na shiga ofishin shugabana da jerin ayyukana a rubuce, na tambaye shi wanne zan ajiye. Ya cire biyu.