Abin da aikin kwangila ya koya mini game da layukan farko na takardar tayi

Mafi yawan takardun tayi da ke faɗuwa, tun a layi biyu na farko suke faɗuwa. Mai ba da aiki ya saka sanarwa, kafin gari ya waye tayi ashirin ko talatin sun shigo masa, kuma a manhajoji da yawa abin da yake gani a jerin shi ne suna da ɗan farkon saƙo kawai. Idan wannan farkon ya ce "Sunana wane, na yi shekara bakwai ina wannan sana'a, na kware a kaza da kaza", to haka na sama da shi ya ce, haka na ƙasa ma. Babu abin da zai sa ya buɗe naka.

Har yanzu ina jin haushin yadda ake koya wa mutane rubuta tayi kamar wasiƙar neman aikin ofis: gaisuwa, tarihin karatu, jerin wuraren da aka yi aiki, sannan can ƙasa a taɓo aikin da layi ɗaya. Ƙwararru da yawa sun yi ta rasa aiki saboda wannan koyarwar, suna zaton hannunsu ne bai kai ba. Mai ɗaukar ma'aikaci na dindindin mutum yake nema, shi ya sa tarihi ke da amfani a wurinsa. Mai ba da kwangila kuwa wani abu ne ya tsaya masa a wuya, yana neman wanda zai cire masa shi.

Ga misali. Wata mai sayar da kaya ta intanet ta rubuta cewa tana neman wanda zai sake mata fasalin shafinta, don mutane suna shigowa ta waya amma ba sa saye. Abin da ta nema shi ne sabon fasali. Abin da ke damunta shi ne rashin ciniki. Waɗannan biyun ba lallai su zama abu ɗaya ba, kuma aikinka na farko, tun kafin ka rubuta ko harafi, shi ne ka raba su. Ka ba shi minti goma zuwa sha biyar: ka buɗe shafin a wayarka, ka zaɓi kaya, ka bi har wurin biyan kuɗi. Ka saka adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google da ke auna saurin buɗewar shafuka, ka ga abin da zai nuna. A ce ka tarar babban hoton shafin kaya yana ɗaukar daƙiƙa 9 kafin ya bayyana, alhali ma'aunin da Google ke kira mai kyau shi ne daƙiƙa 2.5 ko ƙasa da haka, kuma kowane hoto ya kai nauyin 4 MB. Yanzu kana da abin buɗe takarda:

"Kin ce masu shigowa ta waya ba sa kai wa ga saye. Na gwada shafin kayanki a wayata, sai da ya yi daƙiƙa 9 kafin hoton farko ya fito, saboda hotunan suna da nauyi sosai. Ina zaton mutane da yawa suna fita tun kafin su ga kayan."

Jimla uku ke nan. Ta farko maganarta ce aka mayar mata, don ta san an karanta. Ta biyu abin da ka gano ne da kanka, wanda ba ya cikin sanarwarta, kuma ita ce zuciyar takardar gaba ɗaya, domin babu mai iya rubuta ta sai wanda ya duba aikin. Ta uku ta ɗaure abin da ka gano da asarar da take yi.

A lura da "ina zaton". Da gangan aka sa shi. Kai minti goma ka yi a shafin, ita kullum tana cikinsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila ta san kuɗin kai kaya ne ke korar mutane, ko hanyar biyan kuɗin ce ke yawan ƙin aiki. Wanda ya rubuta "matsalarki ita ce kaza" kai tsaye, in ya kuskure, ya rufe wa kansa ƙofa. Ka faɗi abin da ka auna da tabbaci, abin da kake hasashe kuma ka bar shi a matsayin hasashe.

Daga nan sai abin da za ka yi, a mataki uku ko huɗu, da kalmomin da ita za ta gane. Za ka rage nauyin hotunan zuwa ƙasa da 200 KB kowanne ta hanyar mayar da su WebP, wani tsarin ajiye hoto da ke rage nauyi, ka sa waɗanda ke can ƙasan shafi su jira sai an gangaro kafin su buɗe, sannan ka sake aunawa ka turo mata sakamakon da da na yanzu. A nan ne kuma ake faɗin abin da ba ya cikin aikin: sake fasalin shafin gaba ɗaya ba ya ciki, sai an ga ko wannan gyaran ya wadatar. Wannan layi ɗayan yana hana rigimar "ai na ɗauka har da wannan" a ƙarshen aiki.

Sai yanzu tarihinka ya samu wuri, kuma layi ɗaya ko biyu ne rabonsa. Ka zaɓi aiki guda da ya yi kama da nata, ka faɗi yadda ka same shi da yadda ka bar shi, ka saka mahaɗinsa. Tunda ta riga ta ga ka fahimci damuwarta, yanzu tambayar "to shi wannan wane ne?" ta taso mata da kanta, kai kuma amsa kake bayarwa. Mahaɗi goma ba su fi ɗaya ba, don ba za ta buɗe su ba.

Lokaci da kuɗi su zo a fili: kwana huɗu, kuɗi kaza, rabi kafin a fara, rabi bayan ta ga sakamako. Ka rufe da tambaya guda wadda za ta iya amsawa a layi ɗaya, kamar ko tana da damar shiga wurin da ake loda hotunan, ko wani ne ke riƙe mata shi. Duka takardar kada ta wuce kalma 150 zuwa 200.

Akwai hanyoyin da wannan tsarin ke lalacewa a hannun wanda ya ɗauki siffarsa kawai. Wani zai kwafe sanarwar ya mayar da ita, "na ga kina neman wanda zai sake miki shafi", ya ɗauka ya fara da matsala, alhali bai ƙara komai ba. Wani zai zagi wanda ya gina shafin tun farko, bai sani ba ko ita ce ta gina shi da hannunta. Wani kuma zai zazzage maganin gaba ɗaya, sakin layi biyar na bayanin fasaha, ta gaji tun kafin ta kai wurin kuɗi.

Idan sanarwar ba ta da abin dubawa, babu mahaɗi babu cikakken bayani, kada ka ƙirƙiro mata matsala. Ka ambaci dalilai biyu da suka fi jawo irin abin da ta faɗa, ka tambaye ta wanne take gani a wurinta.

Kafin ka tura, ka karanta layi biyu na farko kaɗai, ka tambayi kanka ko za ka iya aika su ga wani mai ba da aiki daban ba tare da ka canza komai ba. In za ka iya, to ba ka duba aikin nan ba tukuna, ka koma ka buɗe shafin.