Yadda na bi sawun damina da gwangwani da ƙanƙara

Ina koyar da darasin labarin ƙasa a wata sakandare, kuma ina noma gonar gado a ƙauyenmu da ke arewa da Kano, wajen Ɗambatta. Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai layi ɗaya a kan taswirar Afirka ta Yamma, ina gaya musu cewa nan ne iskoki biyu ke haɗuwa, kuma inda layin ya je nan ruwa yake zuwa. Abin da nake faɗa rabinsa ne gaskiya. Ban gane haka ba sai da na yi asarar irin gero na gona guda.

Ga yadda abin yake. Ƙasarmu tana tsakanin iska biyu. Ɗaya tana fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, busasshiya mai ƙura, ita ce ta hunturu da ke tsage mana leɓe. Ɗayar tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Irin waɗannan iskoki suna haɗuwa a wani ɗamara da ya zagaye duniya ta tsakiyarta, inda zafin rana ke sa iska ta tashi sama, ta yi sanyi, ta zama girgije. A taswirorin hasashen yanayi za ka ga an rubuta masa ITCZ, amma a yankinmu layin da iskokin ke karo a doron ƙasa an fi rubuta shi ITD. Wannan ɗamara ba ya zama wuri ɗaya, rana yake bi. A Janairu layin yana can kusa da gaɓar teku, wajen digiri 6 ko 7 arewa da tsakiyar duniya, kusan daidai Legas. A Agusta ya kai wajen digiri 20, ya wuce Agadas da ke digiri 17. Kowane digiri kusan kilomita 111 ne, ke nan tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,500 zuwa, sannan ya juyo. Kano tana digiri 12, don haka sau biyu yake ratsa mu a shekara.

Na so in kama ranar da yake ratsa mu da hannuna, ba a littafi ba. Masana suna gane wurin layin da ma'aunin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin danshinta ya fara zama ɗigon ruwa. Inda ma'aunin ya haura digiri 15 na zafi, kana kudu da layin, cikin iskar teku. Inda ya gaza, kana cikin iskar hamada. Ana iya auna wannan a tsakar gida. Na samo gwangwanin madara mai sheƙi, da tamomita, wato ma'aunin zafi, da ƙanƙarar da ake sayarwa a leda. Sai in zuba ruwa rabin gwangwani, in riƙa jefa ƙanƙara kaɗan kaɗan ina juyawa, ina kallon bayan gwangwanin. Da zarar ya fara gumi sai in karanta tamomita in rubuta. A Fabrairu har ruwan ya kusa daskarewa bayan gwangwanin a bushe yake ƙayau. Ranar da na fara ganin ya yi gumi a ƙarshen Afrilu, ruwan cikinsa ko sanyin kirki bai yi ba, na ji daɗin da ban taɓa ji a aji ba. A makon ne kuma gishirin gidanmu ya fara dunƙulewa, iskar asuba ta koma tana shigowa ta tagar kudu, zafi ya zama mai naci da zufa. Bazara ke nan.

Kuskurena na farko ƙarami ne. Ina yin awo a duk lokacin da na samu sarari, yau da safe, gobe da la'asar, sai lambobin suka riƙa tsalle kamar an sauya gari. Dalili kuwa, layin yana kai da kawowa a cikin yini ɗaya. Da dare zuwa asuba iskar kudu takan kutsa arewa, da rana kuma zafi ya gauraya ta da busasshiyar iskar da ke samanta, danshin ya ragu. Daga nan na tsayar da lokaci ɗaya, bayan sallar asuba, a inuwa ɗaya.

Kuskure na biyu shi ne mai tsada. A farkon Mayu na shekarar da na fara awon ma'aunina ya haura 15 kwana uku a jere, sai ga hadari da yamma, ƙura ta turnuƙe, aka yi ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci. Na auna a wani gwangwani mai miƙaƙƙen baki da na kafa a fili, na samu milimita 14. Na tafi wajen ƙanen mahaifina, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tamu, na ce, "Baffa, damina ta sauka, gobe zan fita da sungumi." Bai ce mini komai ba sai da ya tona ƙasa da hannunsa, ya nuna mini inda laima ta tsaya, ko tsawon yatsa ba ta kai ba. Ya ce, "Malam, wannan ruwan wanke ƙura ne. Ka bari a sake." Ban bari ba. Geron ya tsiro kyakkyawa, sannan sama ta ɗauke har kwana goma sha tara. Iskar arewa ta dawo, gwangwanina ya daina gumi, tsiron ya murɗe ya ƙone a idona. Sai da na sayi iri na sake shuka a Yuni.

Da na koma na yi karatun abin da kyau, na ga inda zanen da nake yi wa yara ya yaudare ni. Layin da iskokin ke haɗuwa a ƙasa ba shi ne wurin ruwa ba. Iskar teku ta fi ta hamada sanyi da nauyi, don haka ta ƙarƙashi take kutsowa, kamar bakin gatari a cikin itace. A bakin layin siririya ce ƙwarai, busasshiyar iska mai zafi tana kwance a kanta. Girgije na iya haɗuwa, amma da ya miƙe sama sai busasshiyar iskar ta shanye shi. Shi ya sa a bazara ake yawan hadarin ƙura, a yi tsawa da walƙiya a tashi da yayyafi. Sai ka yi kudu da layin kilomita ɗari uku, ɗari huɗu ko fiye, inda kaurin iskar mai danshi ya yi zurfi sosai, kafin ka tarar da ruwan da za a dogara da shi. Ruwa mafi yawa ma ya fi haka nisa a baya. Ashe abin da na kama a gwangwani sallamar baƙo ce daga bakin ƙofa, kayansa suna can baya a hanya.

Wannan fahimta ta warware mini abubuwa da dama da na daɗe ina haddacewa ba tare da na haɗa su ba. Agadas layin yana wuce ta, amma bakin gatarin kawai take samu, shi ya sa ruwanta a shekara ba ya kai milimita 200, alhali Kano kan samu wajen 800 ko fiye. Legas kuwa ɗamarar ruwan tana ratsa ta tana tafiya arewa, ta sake ratsa ta tana dawowa, don haka ruwanta ke yin ƙarfi a Yuni, ya lafa a Agusta, ya sake tashi wajen Satumba da Oktoba. A daidai lokacin da mu muke cikin marka, ƙanena da ke Legas yakan ce mini sama ta yi shiru. Mu da muke kusa da ƙarshen tafiyar, zuwa da komowar sun haɗe mana sun zama damina ɗaya mai tsanani a Agusta. Idan ɗamarar ta koma kudu can, mutanen Zambiya su ke shuka a Nuwamba da Disamba muna cikin hunturu. Haka kuma ba ta bin rana ƙafa da ƙafa. Rana takan tsaya daidai kan Kano wajen 21 ga Afrilu, amma ruwan kirki sai bayan makonni, domin teku da ƙasa suna ɗaukar lokaci kafin su amsa.

Akwai wani abin da yara kan tambaye ni: in danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, me ya sa hadari ke tasowa daga gabas? Amsar tana sama. A wajen kilomita uku zuwa huɗu a samanmu akwai iska mai gudu daga gabas zuwa yamma a lokacin damina, ita ke tura jerin gajimaren hadari. Danshin na ƙasa ne, linzamin na sama.

Shekarar da ta biyo baya na canza tsari. Masu binciken noma a Sahel suna da ƙa'idar da suke gane faɗuwar damina da ita: a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa a cikin kwana talatin da suka biyo baya. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai rabinta na biyu ba a saninsa sai an wuce shi, manomi kuwa gobe zai yanke shawara. Don haka na nemi abin da zai tsaya a madadinsa. Tun da ruwan daga kudu yake hawowa, sai na riƙa kiran wani abokin karatuna a Kaduna da wani a Zariya duk mako. Idan Zariya, da ke digiri ɗaya kudu da mu, ba ta fara samun ruwa a kai a kai ba, duk ruwan da ya sauka mana ba na yarda da shi. Na kuma daina murna da kwana uku na gumin gwangwani, sai ya yi mako biyu bai sauka ƙasa da 15 ba. Sannan na ɗauki awon Baffa, laima ta kai taƙi ɗaya a ƙasa.

A wannan shekarar an yi ruwa sau biyu a Mayu na kame hannuna. A makon farko na Yuni aka yi milimita 17 da dare, kashegari aka ƙara 9, Zariya kuma tana ta samun ruwa tun kwanaki. Na tona ƙasa hannuna ya nutse. Rana ɗaya muka yi shuka da Baffa, kuma shukar ta kama. Bayan kamar mako uku, wajen ƙarshen Yuni, ruwa ya zauna sosai, wanda ya dace da abin da aka sani cewa a wannan lokaci cibiyar ruwan takan yi tsalle daga gaɓar teku zuwa wajen digiri 10, ba a hankali take hawowa ba.

Ba zan ce wannan hanya tana hana asara ba. Ɗamarar tana gaya maka lokaci, ba ta gaya maka ƙauyen da hadarin yau zai zuba wa, domin sau da yawa an jiƙa garin da ke kilomita biyar daga gare mu mu ko ɗigo. Kuma akwai shekarun da ruwan gaba ɗaya ba ya yin ƙarfi a arewa, kamar farin 1973 da na 1984 da dattawanmu ba sa mantawa, abin da masana ke dangantawa da yanayin zafin tekuna, wanda gwangwani a tsakar gida ba zai hango ba. Don wannan nake sauraron hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara kafin in zaɓi iri. Komowar layin kuma ta fi zuwansa sauri. Abin da ya hau a wata shida yakan sauka cikin kamar rabin haka, shi ya sa damina ke yankewa farat ɗaya. A Oktoba, duk safiyar da na ga gwangwani ya ƙi gumi kwana biyu a jere, na san waken da bai cika ba sai abin da laimar ƙasa ta ba shi.

Yanzu a aji layi biyu nake zanawa, ɗaya na iska, ɗaya na ruwa a kudu da shi, kuma daga Maris ɗalibai ne ke karɓa-karɓar awon gwangwani suna rubutawa a gefen allo.