Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Waƙar Sallamar Metir

Makon jiya na tsaya inda aka ce mana Metir ɗinmu, wato malamin ajinmu, zai yi ritaya. A Garwa ta ƙasar Kamaru ne, watan Yuni na 1998, ina aji shida, wanda muke kira CM2, damina ta fara zama.

Direkta ya ce mu 'yan aji mu karanta masa waƙa a walimar malamai, kuma da Faransanci. Muka haddace wata da ya ba mu, amma ko mu ba mu ji daɗinta a baki ba. Sai na kai kukana wurin Baffana, wanda ke rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Ya ce, "Ke 'yar nan, ki zaɓi amsa-amo ɗaya ki riƙe shi har ƙarshe, kuma ki faɗi abin da mutumin ya yi, kada ki ce masa fitila ko tauraro." Muka zauna a zaure dare uku, muka fitar da baiti bakwai, duk suna ƙarewa da "wa". Da ƙyar Direkta ya yarda, bayan ya soke baiti ɗaya.

Gwajin farko ya zama kasuwa. Mu arba'in da wani abu muka ɗauka tare, wasu suna gaba, wasu suna jan ƙafa, 'yan Fulanin ajinmu kuma "ƙ" da "ts" suna ba su wuya. Daga bayan aji ba ka jin kalma ko ɗaya, sai gunji. Baffa ne ya warware mana: mutum ɗaya ya ja baiti, sauran su karɓi amshi kawai, kuma mai ja ya ɗaga hannu kafin amshin don kowa ya shaƙi numfashi lokaci guda. Amshin ma muka gyara shi, babu harafin da zai sarƙe wa kowa:

Metir, sai wata rana, Allah ya ba ka hutawa.

Ranar walima an jera benci, ga folere mai sanyi, ga makala a faranti. Ni na ja:

Alli ya ci yatsunka, allo yana shaidawa,
Mun zo ba mu san "a" ba, yau ga mu muna rubutawa.

Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ɗora da baitin da aka soke:

Dorinarka ta sha bayanmu, mun yafe, ba ma ramawa.

Direkta ya haɗe rai. Aji kuwa sun ga hannuna a sama, suka zuba amshi da ƙarfi. Metir ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, sannan ya ce in ba shi takardar. Da ya ga ajami ce, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Yau kuma ni ne ɗalibi."

Abin da Direkta ya yi mini washegari, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.